Karo-karon kuɗin gajeren katun: tambayoyi da amsoshi kan rubutun shafi da tukuicin masu tallafi

Waɗannan tambayoyi ne da ƙananan ƙungiyoyin masu zanen katun suka fi yi mini idan suna shirin neman karo-karo daga jama'a ta intanet. Don kada maganar ta zama a iska, zan riƙe misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka mutum uku ne: biyu suna zanen motsi, ɗaya yana zanen wurare da sa launi, kuma shi ne ke riƙe da lissafi. Fim ɗin na minti shida ne, zanen hannu, labarin wata tsohuwa mai gyaran laima a garin da ya shekara uku bai ga ruwan sama ba. Alƙaluman misalin nawa ne, na tsara su don a ga yadda ake lissafin, kuma na sa su da dala saboda da ita aka fi ganin farashi a manyan shafukan karo-karo.

Mun buɗe shafin, ga fili fari yana kallonmu. Da me za mu fara?

Ku fara da tsohuwar. Ku bar tarihin ƙungiyarku da yadda kuka taso kuna son zane tun kuna yara, wannan yana da wurinsa can ƙasa. Wanda ya shigo shafin a wayarsa ya shigo, kuma abin da ya gani kafin ya ja allon ƙasa shi zai sa ya tsaya ko ya wuce. A Kickstarter, ɗaya daga cikin manyan shafukan karo-karo, kan magana ba ya wuce harafi 60, layin bayanin da ke ƙarƙashinsa kuma ba ya wuce 135. Wannan ƙuncin alheri ne a gare ku, domin yana tilasta muku faɗin wane ne a labarin, me yake so, me ya tare masa hanya.

Ga irin buɗewar da nake yawan gani: "Mu matasa ne masu kishin fasaha, muna da burin kawo sauyi a duniyar katun da wani labari mai ratsa zuciya." Ba ƙarya a ciki, amma wanda ya karanta bai san komai game da fim ɗin ba, kuma ƙungiya ɗari za su iya sa hannu a ƙarƙashin wannan jimla. Ga wadda zan rubuta wa mutanenmu uku:

"Shekara uku ke nan ba a yi ruwa a garin ba, amma kullum da safe tsohuwar tana buɗe shagonta na gyaran laima. Wata rana wani yaro ya kawo mata laima jiƙe sharkaf. Gajeren katun ne na minti shida, zanen hannu, babu magana a cikinsa. Mun gama rubutu da zanen labarin, saura motsi da launi da sauti, kuma muna neman dala 15,000 mu kammala su cikin wata goma sha ɗaya."

Laimar nan da ta jiƙe ita ce ƙugiyar. Mai karatu yana son sanin inda yaron ya samo ruwa, kuma ba za ku gaya masa ba. Bayan ita sai bayanai huɗu a jere: tsawo, salo, inda aiki ya tsaya, abin da ake nema. Duk wanda ya tsaya a nan ya san abin da ake roƙonsa.

To bayan wannan sakin layi, me ke biyo baya?

Hoto, kafin wata magana. Gani ya kori ji, kuma a katun babu abin da ya kai daƙiƙa biyar na motsi kammalalle, da launinsa, yana maimaita kansa a shafin. Idan kuɗinku da lokacinku ba za su ba ku damar gama komai ba sai fitowa ɗaya kafin buɗe shafi, ku gama ta ɗin, ku sa ta a sama. Daga nan labarin a taƙaice, ba tare da tona ƙarshensa ba, sai taurarin labarin da zanensu, sai inda aiki ya tsaya, sai kasafin kuɗi, sai tukuici, sai ku kanku, sai haɗarin da ke cikin aikin. Ba dole ne a bi wannan jeri sak ba, amma ku lura na ajiye tarihinku kusa da ƙarshe. A can ma kowa jimla biyu ta ishe shi: abin da yake yi a wannan fim, da wani aiki ɗaya da ya taɓa gamawa wanda za a iya kallo. Aikin da aka gama, ko na daƙiƙa talatin ne, ya fi sunan makaranta nauyi a idon mai sa kuɗi, domin babban tsoronsa shi ne ku fara ku kasa ƙarasawa.

Wani abu ƙarami: kada ku zuba muhimmin rubutu a cikin hoto. A kwamfuta yana kyau, a waya sai ya koma kamar tururuwa, kuma mai amfani da manhajar karanta allo ba zai ji shi ba sam.

Mutane suna cewa dala 15,000 ta yi yawa ga fim ɗin minti shida. Yaya za mu bayyana musu?

Da lissafi, a fili, ba tare da kame-kame ba. Yawancin mutane ba su taɓa tunanin yawan zanen da ke cikin daƙiƙa ɗaya ba. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Masu zanen hannu sukan bar kowane zane ya tsaya hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Minti shida daƙiƙa 360 ne, sai ku ninka: zane 4,320, kowanne sai an zana shi, an gyara layinsa, an sa masa launi. Wuraren da ba a motsi za su rage adadin, inda mutum biyu ko uku ke motsi lokaci guda kuma za su ƙara shi. Ku rubuta wannan a shafin da harshe mai sauƙi, ku ƙara da saurinku na gaskiya. A misalinmu kowane mai zane yana gama daƙiƙa biyar a mako, su biyu goma, saboda haka motsi kaɗai zai ci mako 36.

Wannan adadi na daƙiƙa biyar a mako ku auna shi, kada ku ƙiyasta. Ku zana fitowa ɗaya tun daga ɗanyen zane har launi, agogo yana gefe, ku rubuta sa'o'in da ta ci. Duk sauran shafin a kan wannan awo zai tsaya, har da tukuicin.

Daga nan kasafin ya zo da sauƙi. Nasu ya kasu haka: motsi da launi dala 7,200, zanen wurare 1,500, kiɗa da haɗa sauti 1,800, manhajoji da kayan aiki 500, kuɗin shiga bukukuwan fina-finai da shirya kwafin nunawa 1,000. Jimla 12,000. Idan da Krita ko OpenToonz ko Blender kuke aiki, waɗanda kyauta ne, layin manhaja zai ragu, idan kuma TVPaint ko Toon Boom Harmony ne sai ku sa kuɗin lasisi. Duk wanda ya duba zai ga cewa 7,200 ga mutum biyu na tsawon wata tara ba albashi ba ne, kuma ku faɗa da bakinku cewa kuna da wani aikin da ke ciyar da ku. Mai karatu mai hankali ya riga ya yi wannan lissafin a ransa, gara ya ji daga gare ku.

Idan aikin 12,000 zai ci, ina sauran 3,000 ɗin za su?

Nan ne mutane da yawa ke faɗa wa rami. Abin da shafin ya nuna an tara daban, abin da zai shiga asusunku daban. Kickstarter yana cire kashi 5 cikin ɗari idan an cim ma buri, masu sarrafa biyan kuɗi kuma su cire kusan kashi 3 zuwa 5. Sannan ba a cirar kuɗi daga katin mutane sai ranar rufewa, kuma a ranar wasu katunan za su ƙi. Ana ba masu su mako guda su gyara, wasu ba za su gyara ba. Kuɗin da kansu sai bayan kimanin mako biyu da rufewa suke tasowa.

Mutanenmu suna buƙatar 12,000 na aiki da 900 na bugawa da aika tukuici, wato 12,900 a hannu. Na ware kashi 10 na caji, na ƙara kashi 3 na katunan da za su ƙi, saura kashi 87. Sai a raba 12,900 da 0.87, a samu kusan 14,830, a cike zuwa 15,000. Rabawa ake yi, ba ɗora kaso a sama ba, domin cajin daga babban adadin ake cire shi. Maganar haraji kuma ku tambayi wanda ya san dokar inda kuke tun kafin buɗewa, domin a wurare da dama ana lissafa kuɗin karo-karo a matsayin kuɗin shiga. Ku tuna ba a canza buri bayan an buɗe.

Wane shafi za mu zaɓa?

Ku fara duba ko shafin yana karɓar masu aiki daga ƙasar da kuke da asusun banki, domin Kickstarter ba kowace ƙasa yake buɗe wa ba. Bayan wannan, bambancin da ya shafi rubutunku shi ne me zai faru idan ba a kai buri ba. Kickstarter, tun da aka buɗe shi a 2009, tsarinsa ko duka ko babu: in an gaza da dala ɗaya, ba a cirar wa kowa komai. Seed&Spark, wanda na masu fim ne, yana sakin kuɗi idan an kai kashi 80. Indiegogo ya yi suna da barin mutum ya riƙe abin da ya samu ko bai kai ba, amma ku karanta sharuɗɗan da ke aiki a ranar da za ku buɗe.

Ni ina tare da tsarin ko duka ko babu ga fim ɗin katun. Rabin kuɗi ba ya ba ka rabin fim da za a iya kallo, sai dai ya bar ka da cikakken bashin tukuici a wuya. Idan kuka zaɓi wanda ake riƙe abin da aka samu, wajibi ne shafin ya faɗi abin da za ku yi da 7,000 idan a nan aka tsaya.

Mun zo kan tukuici. Me za mu ba mutane?

Kafin mu jera, ga ma'aunin da nake so ku riƙe: kowane tukuici yana da farashi biyu, na kuɗi da na sa'o'i, kuma a ƙungiyar mutum uku na biyun ne mai kisa. Hannun da zai zana wa mai tallafi hoto shi ne hannun da zai zana tsohuwa da laimarta, babu wani a ajiye. Tun da mai zanenmu yana gama daƙiƙa biyar a makon aiki na sa'a 40, duk sa'a takwas da tukuici ya ci daƙiƙa ɗaya ce ta fim da aka jinkirta. Saboda haka tukuici mafi kyau shi ne abin da aikin fim ɗin zai haifar da kansa, ko kun yi karo-karo ko ba ku yi ba.

Ga jerin mutanenmu, matakai bakwai. A dala 10, suna a jerin godiya na ƙarshen fim da rahoton aiki duk wata. A 25, kallon fim ɗin ta hanya mai kalmar sirri kafin a sake shi ga kowa. A 45, fim ɗin da littafin zane na PDF da kiɗan fim ɗin, har da animatik, wato zanen labarin da aka jera aka sa masa lokaci da sauti na wucin gadi. Masu son katun suna jin daɗin kallon animatik kusa da fim ɗin da aka gama, ku kuma ba abin da ya ci muku, tun da dama kuna da shi. A 90, fosta bugaggiya da sa hannun ku uku. A 250, zanen asali a takarda daga cikin fim ɗin, guda 12 kacal. A 500, fuskar mutum a cikin taron da ke fitowar ƙarshe, lokacin da gari ya fito kallon sama, gurbi shida. A 1,000, suna a matsayin mataimakin furodusa, gurbi biyu.

Ku lura manyan matakai suna ɗauke da duk abin da ke ƙasa na dijital, amma ba sa tara kayan da ake aikawa. Mai 500 ba dole a aika masa fosta ba. Idan yana so, akwai tsarin ƙara kaya a kan tukuici, sai ya biya daban.

Yanzu ku gwada jerin da buri, ku ga mutum nawa yake buƙata. Mutum 50 a dala 10, 80 a 25, 60 a 45, 20 a 90, sannan duka guraben sama su cika: 500 da 2,000 da 2,700 da 1,800 da 3,000 da 3,000 da 2,000, daidai 15,000 daga mutum 230. Ku dubi abin da ya fito: mutum 20 na sama sun kawo 8,000, fiye da rabi. Idan ba za ku iya rubuta sunayen aƙalla rabin waɗannan ashirin a takarda yau ba, burin ya fi ƙarfin jama'arku, kuma gyaran rubutu ba zai rufe giɓin ba. Sai ku rage fim ɗin zuwa minti huɗu, ko ku jinkirta buɗewa ku tara mutane.

Abokanmu sun ce mu zana wa kowa hotonsa a salon fim ɗin, a dala 45. Ba zai ja jama'a ba?

Zai ja, kuma shi ne matsalar. Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Na sa hoton mutum a mataki mai araha ban sa iyaka ba, na kwana ina murna ganin yadda ake rububinsa. Bayan rufewa sai hotunan suka fara shigowa: wannan a duhu aka ɗauka, wancan da mutum huɗu a ciki bai ce wanne ne shi ba, wata ta ce hancin bai yi kama ba a sake, wani ya ɓace wata biyu sannan ya dawo yana tambayar ina nasa. Teburina ya cika da fuskokin baƙi, fim ɗin yana gefe ko taɓa shi ban yi ba.

Ku yi lissafin da ban yi ba. Hoto ɗaya, da saƙonnin da ke tattare da shi, sa'a uku. Mutum 60 sa'a 180 ke nan, mako huɗu da rabi na mai zane ɗaya, fiye da daƙiƙa 22 na fim. Kuɗin kuwa dala 15 a sa'a, kafin a cire caji. Ku kwatanta da fuska a cikin taro: tsara surar sa'a uku, amincewar mai ita sa'a ɗaya, motsi da launi sa'a takwas, jimla 12. Guda shida sa'a 72, kuɗinsu 3,000, sama da dala 40 a sa'a. Ga kuma ribar da ta fi: taron nan dama sai an zana shi, fuskokin ne kawai suka samu masu su.

Duk abin da hannu zai yi wa mutum ɗaya shi kaɗai, a sa masa iyaka da farashi mai tsada, a kuma rubuta sharaɗi a jikin tukuicin: "Za ka aiko da hoto biyu masu haske kafin ƙarshen wata na biyu. Za mu nuna maka zanen sau ɗaya, da damar gyara ɗaya. Za ka fito a cikin taro na aƙalla daƙiƙa biyu, babu magana. Idan hoton wani ne, sai da yardarsa." Ku rubuta shi da kyau tun farko, domin a Kickstarter da zarar mutum ɗaya ya zaɓi tukuici, ba a sake gyara bayaninsa.

Abin da ban yarda a sayar ba ko nawa ne shi ne muryar tauraro ko ikon canza labari.

Riguna da kofuna da sitika fa?

Ku dubi fostar dala 90. Bugu 8, kwalin naɗewa 4, aikawa zuwa wata ƙasa mu ce 25, caji 9. Abin da ya rage wa fim 44. Matakin 45 na dijital kuwa, bayan caji, yana barin 40 da rabi, ba layin gidan waya, ba kwalin da ya lanƙwashe a hanya. Mutum ya ninka kuɗinsa, fim ya ƙaru da dala uku da rabi. Na bar fostar a jerin ne don akwai masu son abin riƙewa a hannu, amma na tsayar da ita ɗaya. Riga ta fi muni, saboda girma-girma ne da musaya, kofi kuma yana fashewa. Idan dole sai an aika wani abu, ya zama shimfiɗaɗɗe mara nauyi wanda zai shiga ambulan: katin hoto, sitika, ɗan littafin da ake kaɗa shafukansa da yatsa zanen ya motsa. Wannan na ƙarshe ya dace da katun ƙwarai, tun da daƙiƙa uku na fim ɗin sun ba ku shafi 36.

Ku je ku auna kayan a cikin kwalinsa ku tambayi farashin aikawa na gaske kafin ku sa adadi. Ku rubuta cewa kuɗin kwastam na ƙasar mai karɓa a kansa yake. Kuma idan aka karɓi kuɗin aikawa tare da tallafin, yana shiga cikin adadin da shafin ke nunawa, sai ku ga kamar kun kai buri alhali wani kaso na gidan waya ne.

Za mu iya alkawarta wa manyan masu tallafi kaso daga ribar fim, ko mu yi ƙuri'a?

A'a. Dokokin Kickstarter sun hana ba da hannun jari ko rabon riba, sun kuma hana ƙuri'a da caca a matsayin tukuici. Sunan mataimakin furodusa ma ku rubuta ƙarara cewa na girmamawa ne, ba ya ba da mallaka ko ta-cewa a aikin.

Yaushe za mu ce masu tallafi za su ga fim ɗin?

Akwai tarko biyu a nan. Na farko kwanan wata. Kowane tukuici sai an sa masa watan da ake sa ran isarwa, kuma zuciya za ta ce ku sa wanda zai burge. Mutanenmu suna da mako 36 na motsi, sai mako shida na sauti da haɗawa, kusan wata goma, suka ce goma sha ɗaya a shafi. A jikin tukuici ni wata goma sha huɗu zan sa, in kuma bayyana cewa ukun na rashin lafiya ne da abin da ba a zata ba. A ƙungiyar mutum uku, mutum ɗaya ya kwanta wata guda, rabin zanen motsi ya tsaya.

Na biyu bukukuwa. Wasu bukukuwan fina-finai ba sa karɓar fim ɗin da aka riga aka sake a intanet ga kowa, wasu kuma ba ruwansu. Idan kuna da niyyar aikawa Annecy a Faransa ko Ottawa a Kanada ko wani, ku karanta ƙa'idar kowanne na shekarar. Don haka kada ku rubuta "za mu sa shi a intanet da zarar an gama". Ku rubuta: "Masu tallafi za su kalla ta hanya mai kalmar sirri cikin wata guda da kammalawa, muna roƙon kada a yaɗa ta. Za a sake shi ga kowa bayan zagayen bukukuwa, wanda zai iya kai shekara." Haka nan kiɗan da kuka alkawarta a matakin 45: ku tabbata yarjejeniyarku da mai kiɗan, a rubuce, ta ba ku damar rarraba shi shi kaɗai, domin izinin sa kiɗa a fim bai haɗa da wannan ba.

Akwatin "Risks and challenges", inda ake rubuta haɗari da ƙalubalen aikin, yana ba mu tsoro. Ba zai kori mutane ba?

Abin da ke korar mai lura shi ne ya ga an rubuta "kowane aiki yana da ƙalubale, amma mun shirya tsaf". Ku ambaci haɗari na gaske guda biyu ko uku, kowanne da abin da za ku yi. Misali: "Mu biyu ne kawai ke zanen motsi. Idan ɗaya ya tsaya fiye da wata guda, mun yi magana da wata mai zane da za ta karɓi gyaran layi da launi. Fitowar taro ita ce mafi wuya, idan ta fi ƙarfin lokacinmu za mu rage yawan masu motsi a cikinta, ba za mu cire fuskar kowa ba. Ana ajiye kwafin aiki a wuri biyu duk mako." Sai alkawarin rahoto: sau ɗaya a wata, ko da labarin ba daɗi. Masu tallafi suna haƙuri da jinkirin da aka gaya musu dalilinsa, shiru ne ke sa su fara neman a mayar musu da kuɗi.

Idan muka wuce buri fa? Mu sa ƙarin matakai?

Da hankali. Akan kawo misalin Hair Love, gajeren katun ɗin Matthew A. Cherry, wanda ya nemi dala 75,000 a Kickstarter a 2017, ya tara sama da 280,000, ya kuma ci Oscar a 2020. Ya faru, amma kada ku gina lissafi a kansa. Ƙarin buri mai kyau shi ne wanda kuɗi ke saya ba tare da ya ƙara wa masu zane aiki ba: a 17,000 a ɗauki kiɗan da makaɗa na gaske a situdiyo, a 19,000 a ɗauki mai taimakon launi na wata biyu. Wanda zan hana ku shi ne "a 20,000 za mu ƙara minti biyu". Minti biyu mako 12 ne a saurinku, kun tura ranar isarwar kowa gaba da wata uku, bayan kun riga kun sa musu wata a jikin tukuici.

Kwana nawa za mu bar shafin a buɗe, kuma bidiyon gabatarwa dole ne?

Kickstarter yana ba da damar har kwana 60, shi da kansa kuma yana ba da shawarar 30 ko ƙasa. Ku ɗauki 30, ku sani a wannan watan mutum ɗaya cikinku ba zai zana komai ba sai amsa saƙonni, ku sa shi cikin jadawali. Ba a fafe gora ranar tafiya: mutum ashirin ɗin nan na sama ku yi musu magana ɗaya bayan ɗaya tun makonni kafin buɗewa, ku roƙe su su sa nasu a ranar farko, domin baƙo ya fi sakin jiki da shafin da ya tarar yana motsi.

Bidiyo ku yi shi, kada ya wuce minti biyu. Daƙiƙa goma na farko zanen fim ɗin ne zalla, tsohuwa tana buɗe ƙofar shago, yaro da laimarsa tana ɗiga. Sannan fuskokinku, ku faɗi adadin da abin da za a yi da shi, a sa rubutu a ƙasan allo don masu kallo ba sauti. Kafin ku buɗe, ku miƙa wa wani da bai san aikin ba wayarku na minti ɗaya, ku karɓe, ku tambaye shi labarin wa ne, nawa ake nema, me zai samu a dala 25. Duk wadda ya kasa amsawa, ku koma wannan ɓangaren ku sake rubuta shi.